Talla Biyu, Kaya Ɗaya: Yadda Ake Gane Wadda Ta Fi Kawo Ciniki

Claude Hopkins, wani marubucin tallace-tallace a Amurka, ya fitar da littafinsa Scientific Advertising a shekarar 1923, inda ya nace cewa ba da musu ake gane tallar da ta fi ba, da ƙirga ake ganewa. Dabarar 'yan zamaninsa ita ce su sa wa kowace talla 'yar takardar oda mai lambarta ta musamman. In mai saye ya yanko ta daga jarida ya aiko, lambar za ta nuna tallar da ta jawo shi. Har yau wannan dabarar ake bi, sai dai waya ta sauƙaƙa ta.

Mu ɗauki misalin mai sayar da turaren wuta da ta rubuta talla iri biyu. Ta farko ta ce ƙamshin yana kwana a ɗaki, ta biyu ta ce za a kawo har gida ba kuɗin aike. Sharaɗi na farko shi ne jimlar nan kaɗai za ta bambanta. Hoto ɗaya, farashi ɗaya, kuɗin talla daidai. In ta canza hoto da rubutu tare, ko ciniki ya ƙaru ba za ta san wanne ya jawo ba.

Sharaɗi na biyu ya fi wuyar kiyayewa: a saki tallolin lokaci guda, kuma a raba masu kallo da ƙuri'a. Wanda ya saki ɗaya a tsakiyar wata, ɗayar kuma bayan an yi albashi ko ana jajiberin Sallah, aljihun mutane ya auna, ba rubutunsa ba. A Facebook akwai wani tarkon. In aka zuba talloli biyu wuri ɗaya aka bar manhajar, sai ta karkata ga wadda ta fara samun karɓuwa ta danne ɗayar. Shi ya sa ake amfani da zaɓin "A/B test", wanda ke raba mutane gida biyu, kowane gida ya ga talla ɗaya.

To me za a ƙirga? Oda da aka biya kuɗinta. Tallar da ta ambaci kyauta takan tara masu latsawa da masu tambayar "nawa ne?" waɗanda ba sa dawowa. Hajiyar turare tana iya bin sawun Hopkins, ta ce mai oda ya rubuta "A" ko "B" a saƙonsa.

A wurin karanta sakamako ne na fi ganin ana cutar kai. A ce mutum 2,000 sun ga kowace talla, ta farko ta kawo oda 40, ta biyu 50. Zuciya za ta ce ta biyu ta yi nasara, tunda ƙarin kashi 25 cikin ɗari ne. Amma ko talla ɗaya tak aka nuna wa gida biyun, ba lallai lissafinsu ya zo daidai ba, domin akwai rabon sa'a a ciki. Ga ma'auni mai sauƙi, muddin yawan masu kallon ya yi daidai: a haɗa odar duka, a nemo lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da jimillar, sannan a ruɓanya ta biyu. A nan jimilla 90 ce, lambar kusan 9.5, ruɓi biyunta 19. Tazarar da aka samu 10 ce kawai, ba ta kai ba, don haka har yanzu ba a san gwani ba. Da a ce oda 400 ce da 500, jimilla 900, lambar 30, ruɓi biyunta 60, tazara kuwa 100. Wannan ya wuce abin da za a jingina wa sa'a.

Ma'aunin ba ya aiki ga mai leƙen sakamako kullum, wanda zai tsayar da gwajin ranar da tallar da yake so ta shiga gaba. Tun kafin a fara ake yanke tsawonsa, kuma ya cika mako ɗaya ko biyu cur, saboda cinikin Juma'a daban yake da na Talata.

Sakamako mai kyau fiye da kima shi ma a bincike shi. A 2012 kamfanin Microsoft ya gwada tsawaita kanun tallace-tallace a shafinsa na bincike, Bing. Kuɗin shiga ya yi tsallen da ya sa na'urar sa ido ta yi gargaɗi, aka zaci kuskure ne. Sai da aka bi diddigi aka tabbatar ƙarin kashi 12 cikin ɗari gaskiya ne. Haka ya kamata hajiyar turare ta yi in ta ga talla ɗaya ta ninka ɗayar cikin kwana biyu: ta duba ko lambar wayar da ke jikin ɗayar tana shiga, ko kuma dillali ɗaya ne ya yi oda goma shi kaɗai.