Farin akwatin nan da ke bin tambarinku: daga ina yake, ya za a raba shi da allo?

In kana halartar tarukan ɗalibai a Daura, ko a Kwalejin Yusufu Bala Usman ko a Kwalejin Fasaha ta Tarayya, na tabbata ka taɓa ganin wannan abin. An haska majigi, shafin kore shar, rubutu ya zauna daidai, amma can a kusurwa tambarin ƙungiya yana zaune cikin wani farin akwati kamar an manna takarda a jikin bango. Kafin mai jawabi ya buɗe baki, idon kowa ya riga ya tafi can. In kuwa neman tallafi kuka zo yi gaban manya, ko maki ake bayarwa, wannan ɗan akwatin yana rage muku kwarjini.

Laifin ba na majigi ba ne, na irin fayil ɗin ne. Hoton JPEG bai san wani abu wai shi "babu komai a nan" ba. Kowane ɗigo a cikinsa dole ya ɗauki launi, shi ya sa wurin da babu zane yake cika da fari. PNG kuwa, bayan ja da kore da shuɗi, yana iya riƙe bayani na huɗu da ake kira alfa, wanda ke faɗin yadda za a iya hango abin da ke bayan kowane ɗigo. Ana auna shi daga 0 zuwa 255. In ɗigo yana kan 0, launin shafinka ne zai bayyana ta wurin. In yana kan 255, ya rufe ruf. Saboda haka sauya sunan fayil daga .jpg zuwa .png ba ya cire komai. Ka dai sauya wa tuwo suna.

To, mu ɗauka kai ne sakataren ƙungiyar ɗaliban Daura a makarantarku, an ce ka shirya gabatarwa kan yawon buɗe ido a masarauta. Kana da shafi kan rijiyar Kusugu, da wani kan hawan Sallar Gani da ake yi a watan Rabi'ul Awwal. Abu biyu ke hannunka: tambarin ƙungiya mai baƙin rubutu a kan fari, da hoton wani mahayi da ka ɗauka da wayarka. Kowannensu da hanyarsa.

Fara da tambarin. Mafi sauƙi a PowerPoint shi ne ka danna hoton, ka shiga Picture Format, sai Color, sai Set Transparent Color, ka taɓa farin. Nan take akwatin zai ɓace, ka ji daɗi. Amma kar ka yi saurin rufe kwamfuta. Ƙara girman shafin zuwa kashi 300 ka dubi gefen haruffa. Sau da yawa za ka ga wani siririn farin zare ya kewaye su, da ɗige-ɗige kamar an watsa gari.

Dalili kuwa, wannan umarnin launi ɗaya tak yake cirewa, wanda ka taɓa. Fari fat lambarsa 255, amma ɗigogin da ke kan iyakar baƙi da fari gauraye ne, wani 248, wani 230, wani toka-toka. An yi su ne don gefen harafi ya yi santsi a kan farar takarda, kuma matsewar JPEG tana ƙara nata dattin a wurin. A kan fari ba ka ganinsu. Da ka ɗora su kan kore ko shuɗi mai duhu, sai asirinsu ya tonu.

Maganin da ya fi kowanne, ko da yake mutane ba sa son jin sa, shi ne ka koma wurin wanda ya zana tambarin ka nemi ainihin PNG mara baya. Kuma ka ce masa ya turo ta WhatsApp a matsayin Document. In ya turo shi ta wajen hotuna yadda aka saba, manhajar za ta matse shi ta mai da shi JPEG, bayan ya dawo, wani lokacin ma baƙi ƙirin. Tambura da yawa a haka suka lalace, daga wannan zaure zuwa wancan.

In mai zanen ya gama makaranta ya tafi da fayil ɗinsa, akwai GIMP, kyauta ce. Buɗe tambarin, ka shiga Colors, ka zaɓi Color to Alpha, ka bar launin a kan fari. Ita ba yankewa take yi ba, zare farin take daga kowane ɗigo gwargwadon yawansa, don haka gefen ke fitowa sumul. Sai ka adana ta File, Export As, da suna mai ƙarewa da .png. Sai dai tana da nata halin: duk farin da ke cikin tambarin, kamar farin shafin littafi ko farin doki, shi ma zai tafi, launuka masu haske kuma su zama shara-shara. Ga tambari mai baƙi ko launi mai duhu ta fi dacewa.

Hoton mahayin kuma wani aiki ne daban, domin bayansa ba launi ɗaya ba ne: ga taron jama'a, ga ƙura, ga sama. Nan Remove Background za ka danna, shi ma a ƙarƙashin Picture Format. Duk inda ya rine da shunayya mai haske, nan za a cire. Matsalar hotunan hawa ita ce farin rawani. Sararin samaniyarmu da rana tsaka kusan fari yake fitowa a waya, sai manhajar ta kasa gane inda rawani ya ƙare sama ta fara, ta gutsure rabinsa. Kunnuwan rawani, kan mashi da bakin jelar doki su ne na farko da ke salwanta. Ɗauki Mark Areas to Keep ka ja gajerun layuka a cikin rawanin, kar ka bi ta bakinsa. Sannan da Mark Areas to Remove ka share tsakanin ƙafafun doki da ƙarƙashin linzami, wuraren da kowa ke mantawa. In ka gamsu, Keep Changes. A ganina, in kana da hotuna biyu, zaɓi wanda mahayin ya gifta gaban bango ko inuwar bishiya. Aikin minti ashirin zai koma na biyar. Daga nan ka danna dama a kan hoton, Save as Picture, ka zaɓi PNG don gobe.

Saura zaman tambarin a shafi. Baƙin rubutu a kan kore mai duhu ba ya karantuwa daga kujerar baya, ko da an cire bayan tsaf. Ko dai ka samo farin samfurinsa, ko ka zana farin da'ira da gangan ka ɗora shi a tsakiya, da 'yar tazara ta kowane gefe. Wannan tsari ne, ba irin akwatin haɗarin nan ba. Shafi mai cika allo yawanci ɗigo 1920 ne a faɗi, don haka tambarin da zai ci kashi ɗaya cikin shida yana bukatar aƙalla 320. In naka 150 ne, ja shi kawai za ka yi ya dushe. Wajen girmamawa ka ja ta kusurwa, kar da'ira ta koma ƙwai. In kana so ya fito wuri ɗaya a kowane shafi, saka shi sau ɗaya a View, Slide Master.

Ga masu ɗauko tambari daga intanet: in ka saka shi a shafi ka ga ƙananan murabba'ai fari da toka kamar allon dara, to an zana su ne a jikin hoton, ba mara baya ba ne. Kafin ranar taro, gwada kowane fayil a kan baƙin shafi da kuma launin da za ka yi amfani da shi, sannan ka roƙi mai kula da ɗakin taron ya kunna maka majigin ko na minti biyar ne, ka koma kujerar ƙarshe ka duba.