Kalmar Farko a Tambayar Jarrabawa: Inda Maki Ke Zubewa Ba a Sani Ba

Duk shekara idan sakamakon WAEC ko NECO ya fito, akan ji ɗalibi yana rantsuwa cewa ya cika takardar amsa har ya nemi ƙari, amma ga shi an ba shi D7 a Fiziks. Sau da yawa ba ƙarya yake yi ba. Ya yi karatu, ya kuma yi rubutu mai yawa, sai dai abin da ya rubuta ba shi aka tambaye shi ba.

Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, tana fitar da rahoton manyan masu duba jarrabawa bayan kowace zama, kuma cikin ƙorafin da ke yawan maimaituwa akwai rashin fahimtar abin da tambaya ke nema. A tambayoyin canki-canka irin na JAMB wannan ba ya fitowa fili, tunda zaɓi kawai ake yi. A takardar tiyori ce abin ke cizo, inda kusan kowace tambaya ke farawa da kalmar umarni: *state*, *explain*, *derive*, *calculate* da 'yan uwansu.

Dalilin yana cikin yadda ake makin. Kafin a fara duba takardu, malaman da aka ɗauka aikin sukan taru a cibiyoyi, a raba musu jagorar makin, su gwada hannu a kan wasu takardun samfuri har sai awonsu ya zo ɗaya. Jagorar nan ta yanka kowace amsa gunduwa-gunduwa, ta faɗi abin da za a gani kafin a ba da maki ɗaya ko rabi. Malamin da ke da tulin takardu a gabansa ba ya auna tsawon amsa, kuma ba shi da izinin tausaya wa wanda ya nuna alamar ya sani. Gunduwoyin yake nema, kuma kalmar umarni ce ke gaya wa ɗalibi waɗanne ne.

A ɗauki maudu'i guda, dokar motsi ta biyu ta Isaac Newton, wadda ya wallafa a 1687 kuma duk ɗan ajin kimiyya ya haɗu da ita. Ana iya tambayar ta ta fuska huɗu, kowace da irin amsarta.

Idan aka ce state

A ce tambayar ita ce *State Newton's second law of motion*, da maki 2 a gefe. Abin da ake so jimla ce guda, cikakkiya, ba sharhi ba misali. Dokar tana magana ne a kan momentom, wato nauyin abu idan aka ninka shi da gudunsa. Cewa ta yi saurin canjin momentom yana tafiya kai da kai da ƙarfin da aka sa wa abu, kuma canjin yana bin inda ƙarfin ya nufa.

A wannan gajeriyar jimla akwai tarko biyu. Na farko, ɗalibi ya rubuta *change of momentum* ya bar *rate of*. Da zarar kalmar ta faɗi, lokaci ya fita daga cikin dokar, maganar ta zama kuskure, kuma mai makin zai iya hana makin baki ɗaya. Na biyu, ya rubuta F = ma ya ja layi. Wannan lissafi ne da ake cirowa daga dokar, ba furucin dokar ba ne. Akwai kuma mai kyakkyawar niyya da zai faɗi dokar daidai, sa'an nan ya ƙara rabin shafi na tarihin Newton. Ba za a ƙara masa komai ba, ya dai ƙona mintunan da zai nema ido rufe a tambaya ta ƙarshe.

Idan aka ce explain

Yanzu tambayar ta juya: a bayyana dalilin da mai tsaron gida ke janye hannuwansa baya idan zai cafe ƙwallon da aka narko masa. Amsar da aka fi gani ita ce, don kada ƙwallon ta ji masa ciwo. Gaskiya ce, amma ko ɗan kallo a gidan bal ya san wannan. Mai makin yana son a nuna masa yadda abu ɗaya ya haifi wani, kuma a jingina shi ga dokar Fiziks.

Sarƙar a nan zobe uku gare ta. Ko ya janye hannu ko bai janye ba, momentom ɗin da ƙwallon za ta rasa kafin ta tsaya ɗaya ne. Janye hannun yana tsawaita lokacin tsayawar. Tunda ƙarfi shi ne canjin momentom a raba da lokaci, tsawon lokacin ya rage ƙarfin da ke dukan tafin hannu. Idan makin tambayar 3 ne, da wuya a ce ba waɗannan ukun ake nema ba. Hanya mai sauƙi da ɗalibi zai gane ko bayani ya yi ita ce ya duba amsarsa: in babu *because* ko *therefore* ko makamancinsu a ciki, akwai alamar siffanta abin da ya faru kawai ya yi, aikin da ake nema idan an ce *describe*.

Idan aka ce derive

Nan ne aka fi yin asara, domin an riga an ba ɗalibi amsar ƙarshe a cikin tambayar: a ciro F = ma daga dokar ta biyu. Tunda kowa ya ga inda za a sauka, layin ƙarshe ba ya ɗauke da wani makin kirki. Makin yana kan matakai.

Ana farawa da faɗin abin da kowane harafi ke wakilta: m nauyin abu, u gudunsa na farko, v gudunsa bayan lokaci t, F kuma ƙarfin da aka sa masa. Daga nan sai a bi layi-layi:

```
F ∝ (mv − mu)/t
F ∝ m(v − u)/t
a = (v − u)/t
F ∝ ma
F = kma
k = 1
F = ma
```

Mataki biyun da ke gab da ƙarshe su ne ɗalibai ke tsallakewa. Alamar ∝ ba ta zama = haka kawai, sai an shigo da k. Shi kuma k ya zama 1 ne saboda yadda aka ƙayyade ma'aunin ƙarfi: niyuton ɗaya shi ne ƙarfin da ke sa abu mai kilogiram 1 ya riƙa ƙara gudun mita 1 cikin daƙiƙa a kowace daƙiƙa. Dole a rubuta wannan dalilin a gefen layin.

Kuskure biyu ne ke rusa irin wannan amsa tun daga tushe. Wani zai fara da F = ma, ya jujjuya haruffa, ya dawo kan F = ma, alhali abin da aka ce ya tabbatar shi ya ɗauka a matsayin hujja. Wani kuma zai zuba lambobi, ya nuna cewa 2 sau 3 ya ba da 6. Misali ɗaya ba ya tabbatar da doka. Da haruffa ake wannan aiki daga farko har ƙarshe.

Idan aka ce calculate

Mota mai nauyin kilogiram 1200 tana gudun kilomita 72 a awa, direba ya taka birki ta tsaya cikin daƙiƙa 5. A lissafa ƙarfin da ya tsayar da ita.

Aikin farko shi ne daidaita ma'aunai, domin gudun yana cikin kilomita da awa, lokacin kuma yana cikin daƙiƙa. Sai a rubuta fomula, a zuba lambobi a fili, a fitar da amsa tare da ma'auninta:

```
u = 72 × 1000/3600 = 20 m/s
a = (0 − 20)/5 = −4 m/s²
F = ma = 1200 × (−4) = −4800 N
```

Alamar ragin tana nuna cewa ƙarfin yana adawa da tafiyar motar, girmansa kuwa niyuton 4800 ne.

Me ya sa ba za a danna kalkuleta a rubuta 4800 kawai ba? A jagorar makin Lissafi ana sa wa matakai haruffa: M ga hanyar aiki, A ga amsa daidai, B ga abin da ke tsaye da kansa. Makin A yana rataye ne da na M, wanda bai nuna hanya ba yana iya rasa duka biyun ko da amsarsa daidai ce. A Fiziks ma haka ake raba makin tsakanin fomula, zuba lambobi da amsa, kuma amsar da ba ta da ma'auni, ko aka sa mata wanda ba nata ba, takan rasa wani kaso. Tsarin yana da daɗi ga mai nuna aikinsa: wanda hannunsa ya zame a ninkawar ƙarshe zai iya tsira da makin matakan baya.

Shi kuwa wanda ya manta bai juya 72 ɗin ba, zai sami a = −14.4, ƙarfin kuma 17,280. Akwai yadda zai kama kansa. Abin da ya faɗo daga sama yana ƙara gudu da kusan 10 m/s², kuma tayar motar yau da kullum a kan kwalta ba ta iya rage gudu fiye da haka. Ganin 14.4 ya isa ya sa shi ya koma layin farko.

Ƙananan kalmomi masu sauya aiki

Akwai kalmomin da ke raɓe da umarnin, su ma a kula da su. Idan aka ce *hence*, ana nufin a yi amfani da sakamakon da aka samu a sashen da ya gabata, wata hanyar daban ba za ta karɓu ba sai in an ƙara *or otherwise*. Idan aka ce *state two*, biyu ake so, kuma wanda ya jero biyar yana fatan a tsince masa masu kyau, galibi biyun farko za a duba. *State and explain* aiki biyu ne masu maki daban-daban, ɗalibai da dama kan yi na farko su wuce. *Distinguish between* kuma na neman a gwama abu biyu a kan ma'auni guda, wannan kaza ne shi kuwa wancan kaza, ba a zayyana ɗaya a bar ɗayan ba.

Malaman da suka saba zuwa makin sukan horar da ɗalibansu da littafin tsofaffin tambayoyi ta wata hanya: kafin a taɓa amsa, a ja layi ƙarƙashin kalmar umarni, a kewaye makin da ke gefe, a ƙiyasta gunduwa nawa ake nema. Daga nan sai a ɗauki maudu'i ɗaya, kamar dokar Ohm ko dokar Boyle, a amsa shi sau huɗu, kowane da umarninsa, a ba abokin karatu ya yi makin layi-layi. Rahotannin manyan masu duba jarrabawar WAEC suna nan darasi-darasi a dandalin karatu na hukumar a intanet, inda ake nuna tambaya, a faɗi inda ɗalibai suka yi tuntuɓe, a kuma kawo amsar da aka so a gani.