Maɓallin ECO Da Na SPORT: Me Suke Canzawa A Cikin Mota?

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 1 ga shekarar mulkin Shugaba Tinubu, watau 2023, da aka janye tallafin man fetur, masu motoci suka fara lura da wani ɗan maɓalli da a da ba su damu da shi ba, wanda aka rubuta wa ECO ko ECON. Wasu na cewa yana kashe wa inji ƙarfi, wasu kuma na ganin SPORT na ƙara masa. Duka biyun ba haka abin yake ba.

Mu ɗauki misalin direban da ya tashi daga Bukan Sidi a Lafiya zai nufi Akwanga da tsakar rana a watan Maris, cikin Honda Accord ƙirar 2013. Kafin ya hau titi sai ya danna koren maɓallin ECON da ke gefen sitiyari.

Abin da zai fara ji shi ne totur ya yi nauyin amsawa. Dalili kuwa, a tsofaffin motoci irin su Fijo 504, waya ce ta haɗa totur da bakin da iska ke shiga inji, iyakar takawarka iyakar buɗewarsa. A motocin yanzu babu wannan waya. Ƙafa saƙo kawai take aikawa ga kwamfutar inji, ita ce ke yanke shawarar yadda za a buɗe bakin. A ECO, in an taka rabi, sai ta buɗe ƙasa da yadda ta saba, kuma a hankali. A SPORT na galibin motoci takawa kaɗan kan jawo buɗewa mai yawa. Amma in aka take totur har ƙasa, yawancin motoci kan ba da ƙarfinsu duka ko a wane tsari suke. Ashe dai injin bai canza ba, fassarar da ake yi wa ƙafar direba ce ta canza.

Giya ita ce ta biyu. A tsarin tattali, mota kan yi saurin hawa babbar giya domin inji ya riƙa juyawa a hankali. Giyar wannan Accord mai silinda huɗu irin wadda ake kira CVT ce, ba ta da matakai, amma manufar ɗaya ce: a miƙaƙƙiyar hanya allurar juyin inji kan zauna ƙasa da 2,000 a minti. Da direban ya iso hawan tsaunukan Nasarawa Eggon ya tarar da tirela tana jan ciki a gabansa, sai ya ja sandar giya daga D zuwa S. Nan take allurar za ta ɗaga, ƙarar inji ta ƙaru tun bai ƙara taka komai ba, domin an ajiye injin a inda ƙarfinsa yake kusa. A gangara ma S na da amfani, gama injin na taya birki riƙe mota. In ya mance da ita a S bayan ya wuce, to, mai ne ke ƙonewa a banza.

Inda aka fi samun rashin fahimta shi ne iyakwandishan. Kwamfuresar da ke kawo sanyi da bel take haɗe da inji, saboda haka duk aikin da ta yi daga tankin mai ake biya. ECO kan rage mata aiki, ya sassauta fanka, ya kuma yawaita juya iskar da ke cikin mota maimakon jawo mai zafi daga waje. A sanyin hunturu ba wanda zai lura. Amma motar da ta wuni a rana a Lafiya cikin bazara, ga fasinja huɗu, sai ta daɗe ba ta yi sanyi ba, mai ita ya ɗauka gas ne ya ƙare, ya garzaya wurin makanike.

Kafin a kashe kuɗi, gwajin mai sauƙi ne. A kashe ECO, a bar inji da iyakwandishan suna aiki na 'yan mintoci. In sanyi ya dawo, na'urar lafiyarta ƙalau. In bai dawo ba, sannan a duba gas da fankar gaban lagireto. Shi kuwa SPORT galibi ba ruwansa da sanyi, ko da yake motoci da yawa kan yanke kwamfuresa na 'yan daƙiƙoƙi duk sa'ad da aka take totur ƙasa, kuma wannan ba lalacewa ba ce.

A lura kuma, a wasu Toyota Corolla da Camry, fitilar ECO da ke kamawa tana mutuwa a gaban direba ba tsari ba ne, alama ce kurum cewa yana taka totur da sauƙi a wannan lokacin. In babu maɓallin da aka danna, ba abin da ya canza a giya ko a iyakwandishan.