Yadda Ake Rage Sakin Layin Farko na Rahoto Ba a Zubar da Gaskiya Ba

Shugaban kamfani da ƴan hukumar gudanarwa ba sa samun lokacin karanta kowane rahoto daga farko har ƙarshe. Sau da yawa sakin layin farko suke dubawa, daga nan su yanke shawarar ko su ci gaba ko su ajiye takardar. Abin takaici, nan ne marubuta rahoto suka fi cika wa da shimfiɗa da yabon kamfani, sai ainihin maganar ta maƙale a can ƙasa.

Wannan koke ya daɗe. A watan Agusta na 1940, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Firaministan Birtaniya Winston Churchill ya aika wa ministocinsa da ma'aikatansu takarda yana neman a taƙaita rahotanni, a jera muhimman batutuwa a gajerun sakin layi, a mayar da dogon bayani zuwa rataye. Daga baya Barbara Minto, wadda ta yi aiki a kamfanin ba da shawara na McKinsey, ta yi suna da tsarin da ta kwatanta da dala: amsa a sama, hujjoji a ƙarƙashinta. Ga yadda ake yin aikin a aikace.

Mu ƙaddara akawun wani kamfanin casar shinkafa ne ya buɗe rahotonsa kamar haka:

"Kamar yadda kowa ya sani, wannan kamfani namu mai albarka ya daɗe yana taka muhimmiyar rawa a harkar casar shinkafa. Duba da halin matsin tattalin arziki da ake ciki, wanda ba ɓoyayyen abu ba ne, sashen kuɗi ya ga ya dace ya gudanar da nazari mai zurfi a kan watanni uku na farkon bana. A yayin gudanar da wannan nazari, an lura cewa ciniki ya ƙaru daga naira miliyan 80 a daidai wannan lokaci bara zuwa miliyan 92. Haka kuma yana da kyau a sani cewa kuɗin man dizal ya tashi daga miliyan 6 zuwa miliyan 13 sakamakon yawan ɗauke wuta, baya ga tsadar shanshera. Wannan ya sa riba ta ɗan samu tangarɗa, inda ta sauka daga miliyan 12 zuwa miliyan 9. Saboda haka ana ganin zai yi kyau hukumar gudanarwa ta duba yiwuwar amincewa da kimanin naira miliyan 20 don jawo layin lantarki na musamman kafin 30 ga Afrilu, ranar da wa'adin farashin da ɗan kwangila ya bayar zai cika."

Kafin ka goge ko kalma ɗaya, ɗauki wata takarda ka jera duk abin da za a iya tantancewa, wato adadi, rana, dalili da buƙata. A nan akwai guda takwas: lokacin da rahoton ya shafa, ciniki, kuɗin dizal, ɗauke wuta, tsadar shanshera, riba, kuɗin da ake nema da aikin da za a yi da su, sai wa'adi da dalilinsa. Wannan jeri shi ne tsabar, sauran kuma ƙaiƙayi ne. Za ka lura cewa a jimloli biyu na farko babu abin da ya shiga jerin sai lokacin da aka yi nazari a kai da sashen da ke magana.

Daga nan sai ka tambayi kanka: in da mai karatu zai ga jimla ɗaya ce kawai, wacce ce ba zai yiwu ta wuce shi ba? Ƙaruwar ciniki labari ne mai daɗi, shi ya sa akawun ya fara kawo shi. Amma abin da ya haifar da rahoton shi ne riba ta faɗi da kashi 25 cikin ɗari, kuma an ɓoye wannan a jimla ta biyar a ƙarƙashin "ta ɗan samu tangarɗa". Shi ya kamata ya hau sama, dalili ya biyo baya, sannan buƙata:

"Ribar kamfani daga Janairu zuwa Maris ta sauka zuwa naira miliyan 9, daga miliyan 12 a daidai lokacin bara, duk da cewa ciniki ya tashi daga miliyan 80 zuwa 92. Abin da ya jawo haka shi ne tsadar shanshera da kuɗin dizal, wanda ya tashi daga miliyan 6 zuwa 13 saboda yawan ɗauke wuta. Sashen kuɗi yana neman hukumar gudanarwa ta amince da kimanin naira miliyan 20 don jawo layin lantarki na musamman kafin 30 ga Afrilu, ranar da wa'adin farashin ɗan kwangila zai cika."

Jimloli shida sun koma uku, kuma abubuwa takwas ɗin nan suna nan daram. An cire abin da mai karatu ya riga ya sani, domin ba a gaya wa mai kamfani sana'ar kamfaninsa. An cire labarin yadda aka yi nazari, an bar sakamakonsa. An kuma maye gurbin "ana ganin zai yi kyau a duba yiwuwar" da magana mai kai: wane ne yake nema, me yake nema, daga wa. In da hukumar ta riga ta san riba ta faɗi, sai a fara da buƙatar kuɗin.

Wurin da ake yin ɓarna shi ne ƙananan kalmomin da suke kama da ado alhali suna ɗauke da nauyi. Mai gaggawa zai iya rubuta cewa dizal ne ya cinye riba, ya watsar da shanshera tunda ba a ba ta adadi ba. Amma yi lissafi. Bara an yi cinikin miliyan 80 aka ci ribar 12, ke nan an kashe 68. Bana an yi cinikin 92 aka ci 9, an kashe 83. Ƙarin kashe kuɗi miliyan 15 ne, dizal kuwa 7 kawai ya ɗauka, bai kai rabi ba. Wanda ya cire shanshera ya sa hukumar ta zaci layin lantarki zai magance matsalar gaba ɗaya.

Haka kalmar "kimanin". In ta faɗi, ƙiyasi ya koma alkawari, kuma ranar da aikin ya ci miliyan 23 akawun za a tuhuma. In kuma aka cire "bara", mai karatu zai iya ɗauka da watanni ukun da suka gabata ake kwatantawa, alhali cinikin shinkafa yana sauyawa tsakanin kaka da bazara.

Ba a ce a yar da ladabi ba. Gaisuwa da godiya suna da mazauninsu a wasiƙar da ke raka rahoto, yadda aka yi nazari kuma ya koma cikin jikin rahoton ko rataye.

Idan ka gama, ɗora sabon sakin layin kusa da jerinka, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka miƙa wa abokin aikin da bai san zancen ba, ya karanta sau ɗaya, ka tambaye shi me ya faru, me ya jawo shi, me ake so a yi kuma zuwa yaushe. Duk tambayar da ya kasa amsawa, to ka yanke abin da bai kamata ba, sai ka mayar da shi kafin takardar ta isa teburin shugaba.