Baki Na Motsi, Ba a Jin Magana: Yadda Ake Tura Sautin Kwamfuta a Taron Teams

A ɗauki misalin wata malama da ke horar da ma'aikatan lafiya ta manhajar Teams. Ta tanadi bidiyo na minti 3 kan yadda ake wanke hannu kafin a taɓa majiyyaci. Da lokaci ya yi ta nuna wa mahalarta fuskar kwamfutarta, ta kunna bidiyon, ta gyara zama. Ita kam tana jin komai raɗau. Sai da aka yi nisa wani ya buɗe makirufo ya ce, "Malama, a yi haƙuri, hoto kawai muke gani. Bakin mutumin na motsi, amma ba ma jin komai."

Ba bidiyon ne ya lalace ba, kuma ba laifin intanet ba ne. A Teams, wadda kamfanin Microsoft ya fitar a 2017, hoto da sauti kowanne da hanyarsa. Idan mai gabatarwa ya danna Share, hoton fuskar kwamfutar ne kawai ke tafiya. Sautin da jama'a ke samu kuwa shi ne wanda makirufo ya ɗauka, wato muryar mai magana. Abin da kwamfutar ke kunnawa a cikinta yana nan tsaye har sai an ba shi izinin fita.

Dabarar da ke fara zuwa wa mutane ita ce su ƙure ƙarar lasifika don makirufo ya ɗauka. Wahalar banza ce. An gina Teams ne ta riƙa tace hayaniya da amsa-kuwwa, don haka sai ta ɗauki kiɗan bidiyon da maganar cikinsa a matsayin abin kawarwa, ta yi ta datse su. Abin da ke isa kunnen jama'a guntu-guntu ne, kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. In kuwa mai gabatarwa ya sa abin ji a kunne, ko guntun ma babu.

Maganin bai wuce maɓalli ɗaya ba. Bayan danna Share, ko Ctrl+Shift+E a Windows, akwatin zaɓi zai buɗe, a samansa akwai Include sound, wanda tsofaffin samfuran manhajar ke kira Include computer sound. Shi za a fara kunnawa, sannan a zaɓi abin da za a nuna. Wanda ya manta, kamar malamar nan, ba sai ya katse gabatarwarsa ba. Ya kai linzami can saman fuskar kwamfuta, jerin maɓallan mai gabatarwa zai sauko, ya danna na sauti, ya mayar da bidiyon farko.

Sai dai wannan ƙofa in ta buɗe ba bidiyo kaɗai ke bi ta cikinta ba. Idan duk fuskar kwamfutar ake nunawa, ƙarar shigowar saƙon imel da ta WhatsApp da tallan da ya tashi a wani shafin da aka manta a buɗe duk za su shiga taron. Rufe makirufo kuma ba ya tsayar da su, domin muryar mutum kawai yake yankewa. Wannan ma abin amfani ne: malamar na iya rufe makirufonta yayin da bidiyon ke tafiya, kada tarinta ko kukan janareto ya hau kan maganar.

Wani lokaci sautin yana zuwa, amma can ƙasa-ƙasa. Windows na da ɗabi'ar rage ƙarar sauran manhajoji da kashi 80 cikin ɗari da zarar ta lura ana kira. Ana gyara wannan ta danna Win+R a rubuta:

```
mmsys.cpl
```

A tagar da ta buɗe sai a shiga Communications, a zaɓi Do nothing. Yana da kyau kuma a duba cewa lasifikar da aka zaɓa a Teams ita ce wadda kwamfutar ke fitar da sauti ta cikinta.

Masu Mac, a karon farko Teams kan nemi su girka wata ƙaramar manhajar sauti, abin da bai kamata a bari sai jama'a sun hallara ba. Mai shiga taro ta Chrome ko Edge kuwa, a akwatin da burauzar ke buɗewa zai ga zaɓin haɗawa da sautin shafin.

Matsalar ita ce mai gabatarwa ba ya iya gane kuskuren da kunnensa, tunda shi yana ji ko an tura ko ba a tura ba. Shi ya sa ƙwararru kan kunna daƙiƙa biyar na bidiyon, su tsayar, su kira sunan mutum guda su tambaye shi ko yana ji. Wasu kan shiga taron da wayarsu tun kafin lokaci su saurara da abin ji na kunne, makirufon wayar a rufe, don kada na'urorin biyu su yi ta mayar wa juna ƙara.