Abin da Ya Sa Ruwan Teku Ke Ƙaruwa

Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba, sai labari daga 'yan'uwanmu masu fatauci zuwa Ikko ko Ankara. Amma ya kamata mu san cewa ruwan teku yana hawa. Masana sun auna, sun ga daga shekarar 1901 zuwa 2018 ya hau kamar santimita 20, watau inci 8, kusan taƙi guda na babban mutum. Wannan ba a gaɓa ɗaya ba ne, matsakaicin tekunan duniya ne duka.

Wani zai ce, ai dole ya hau, tun da Kwara da Binuwai da sauran koguna kullum suna zuba a ciki. To, ba nan take ba. Ruwan da kogi ke kai wa teku, asalinsa daga teku ya fito. Rana ta ɗebe shi ya zama girgije, ya sauko a matsayin ruwan sama, ya bi kogi ya koma gida. Bashi ne aka biya, ba ƙari ba ne. Ƙarin yana zuwa ne ta manyan hanyoyi biyu, kuma tushensu ɗaya: duniya tana ƙara zafi, saboda hayaƙin fetur da gas da kwal da mutane ke ƙonawa yana tare zafi a sararin sama.

Hanya ta fari ita ce kumburin ruwa. Ruwa in ya yi ɗumi yakan nemi ƙarin wuri, ko da ba a ƙara masa ɗigo ɗaya ba. Muna iya gwada wannan a aji. A samo kwalba mai siririn wuya, a zuba mata ruwan randa har tsakiyar wuyan. A ɗaura zare daidai inda ruwan ya tsaya. Sa'an nan a tsayar da ita cikin kwano mai ruwan zafi, amma ba tafasasshe ba, kada ta fashe. Da fari za mu ga ruwan ya ɗan sauka kaɗan. Kada mu ce gwajin ya ɓaci, kwalbar ce ta fara jin zafi ta buɗe. Jim kaɗan sai ruwan ya taso ya wuce zaren. In an fid da kwalbar ta huce, sai ya koma inda ya ke. Kada a yi da gorar roba, don zafi yana lanƙwasa ta, sai ta ruɗe mu.

Yanzu mu koma teku. Daga cikin ƙarin zafin da ke taruwa a duniya, kamar kashi 9 cikin 10 teku ke shanyewa. Kumburin ba shi da yawa in ruwan kaɗan ne. Ruwa mai matsakaicin sanyi, in zafinsa ya ƙaru da digiri 1, yakan kumbura kamar kashi 1 cikin 5,000. Watau in muna da ruwa mudu 5,000, sai ya cika wurin mudu 5,001. A randa ba wanda zai lura da wannan. Amma teku ba randa ba ce, zurfinta ya kai kilomita 3 da rabi har da ɗoriya in an yi matsakaici.

Mu yi lissafi a allo. A ce mita 500 na saman teku kaɗai suka ƙara ɗumi da digiri 1. Mita 500 santimita 50,000 ke nan. Mu raba 50,000 da 5,000, sai mu sami 10. Ashe teku ta hau santimita 10, watau inci 4, ba tare da an zuba mata kome ba. Lissafin nan kimantawa ne, gama ruwa mai ɗumi irin na gaɓar Ikko ya fi ruwa mai tsananin sanyi kumbura.

Hanya ta biyu ita ce narkewar ƙanƙara. Mu nan mun san ƙanƙarar da ke faɗowa da damina, da wadda a ke sayarwa don sanyaya ruwa. Amma a can ƙarshen duniya akwai ƙasashen da ƙanƙara ta rufe mafi yawan faɗinsu. Ɗaya ita ce Girinlan, wani ƙaton tsibiri can arewa, inda kaurin ƙanƙarar ya kai kilomita 3 a tsakiya. Ɗayar ita ce Antatika, can kudu, wadda ta fi ta nesa ba kusa ba. Akwai kuma ƙanƙara a kan dogayen duwatsu, kamar Himalaya a Asiya.

A nan ne mutane da yawa su ke kuskure, don ƙanƙara iri biyu ce. Akwai wadda ke yawo a kan teku, akwai wadda ke zaune a kan tudu. Mu sake gwaji. A sami kofi biyu masu ruwa. A na fari a jefa curin ƙanƙara ya yi yawo, sa'an nan a yi alama inda ruwan ya tsaya. A na biyu a yi alama, a ɗora rariya a bakin kofin, a sa curin a kan rariyar. Bayan sun narke, ruwan kofi na fari yana nan kan alamarsa. Dalili kuwa, tun da aka jefa curin ya riga ya ture ruwa daidai nauyinsa, da ya narke sai ya cike gurbin da ya ke ciki. Amma ruwan kofi na biyu ya wuce alama, don baƙon ruwa ne ya sauko masa daga sama. Rariyar nan ita ce tudu. Saboda haka ƙanƙarar Girinlan da Antatika da ta kan duwatsu ita ce mai ƙara wa teku ruwa, ko ta narke ta gangara, ko ta ɓalle ta faɗa ciki. Da ta Girinlan za ta narke duka, da teku ta hau kamar mita 7. Wannan ba aikin shekara ɗari ba ne, sai ɗaruruwa ko dubbai.

Ta yaya a ke gane rabon kowace hanya? Tun 1993 taurarin ɗan'adam suna auna tsayin teku daga sama. Akwai kuma wasu na'urori kusan 4,000 da ke yawo cikin teku, su nutsa har mita 2,000, su taso bayan kwana 10 su aiko da labarin zafin ruwan. Da wannan a ke lissafa kumburi. Wasu taurarin kuma suna auna nauyin ƙanƙarar da ta rage a kan tudu. In an haɗa biyun, a kan ga sun yi kusa da abin da aka auna. Daga 1971 zuwa 2018 kumburi ya kawo rabin ƙarin, ƙanƙara ta kawo kashi 4 cikin 10 da 'yan kai. Ragowar kuwa yawanci ruwan rijiyoyin burtsatse ne da mutane su ka zuƙo daga ƙarƙashin ƙasa, ya ƙare a teku. Amma daga 2006 zuwa 2018 ƙanƙara ta tsere wa kumburi, kuma saurin hawan ya kai kusan milimita 4 a shekara, alhali kafin 1971 bai kai milimita 1 da rabi ba.

Hawan nan ba ya tsayawa nan take. Ko da zafin duniya ya daina ƙaruwa yau, ruwan can ƙasan teku bai gama ɗaukar ɗumi ba tukuna. Zafi yana sauka a hankali daga sama zuwa ƙasa, kuma duk inda ya isa sai ruwan wurin ya kumbura. Don haka teku za ta ci gaba da hawa shekaru ɗaruruwa bayan nan.