Idan Mai Hawan Jini Bai Zo Ranarsa Ba

Dattijuwa mai hawan jini ta tsallake ranar ganin likita, kuma maganin wata guda aka ba ta. Ma'aikaciyar da ke riƙe da rajista ta san ƙwayoyin sun kusa ƙarewa, shi ya sa take kiranta washegari.

Bayan gaisuwa sai ta ce, "Mama, ba mu gan ki jiya ba, lafiya dai ko?" Wannan tambayar tana buɗe baki. Sau da yawa kuɗin mota ne babu, ko an yi rasuwa, ko kuma jiki ya yi daɗi ta ɗauka ta warke, alhali hawan jini yakan yi ɓarna ba tare da alama ba. Wanda aka yi wa faɗa, a ganina, kunya ce za ta hana shi dawowa.

Daga nan ta ba ta zaɓi biyu kawai: Talata da safe ko Alhamis bayan azahar. Ta tambayi ƙwaya nawa suka rage, domin idan ba za su kai ba, a matso da ranar. Ta ce ta zo da katinta da kwalin maganin. In kuwa akwai matsanancin ciwon kai, ciwon ƙirji ko mutuwar ɓarin jiki, kada ta jira Talata, a kawo ta yanzu.